Jawabin adawa da ƙudurin barin ɗalibai su riƙe wayar salula a makaranta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Malama shugabar wannan zama, malamaina alƙalan muhawara, mai kula da lokaci, abokan karawata da ke ɗaya ɓangaren, da 'yan uwana ɗaliban aji biyu na babbar sakandare, ina yi muku barka da hantsi. Ni ce mai magana ta biyu daga ɓangaren da ke adawa da ƙudurin da aka gabatar, wato cewa a bar ɗalibai su riƙa amfani da wayar salula a cikin makaranta, kuma zan yi ƙoƙari in bayyana dalilanmu kafin lokacin da aka ba ni ya cika.

Da farko, ya kamata mu fahimci abin da muke jayayya a kansa. Babu wani a ɓangarenmu da ya ce waya ba ta da amfani. Tun da layukan salula suka shigo Nijeriya a shekarar 2001, waya ta sauƙaƙa ciniki da zumunci da aika kuɗi, kuma mu kanmu muna amfana da ita a gida. Tambayar da ke gabanmu ita ce: daga ƙararrawar shiga aji zuwa ƙararrawar tashi, shin wayar da ke cikin aljihun ɗalibi tana ƙara masa karatu ne, ko rage masa take yi? Amsarmu ita ce rage masa take yi, kuma wanda ya fi cutuwa shi ne ɗalibin da tun da farko karatun yake ba shi wahala.

Abu mafi tsada da ɗalibi yake zuwa da shi aji shi ne hankalinsa. Darasi ɗaya a jadawalinmu minti 40 ne, kuma a cikin wannan ɗan lokaci malami zai kira suna, ya waiwayi darasin jiya, ya koyar da sabo, sannan ya ba da aiki. Manhajojin da muka fi buɗewa, irin su TikTok da WhatsApp da Facebook, an gina su ne domin su riƙe idon mutum, saboda kamfanonin da suka mallaki irin waɗannan manhajoji suna samun kuɗin talla ne gwargwadon tsawon zaman da mutum ya yi a kansu. Shi ya sa bidiyo yake ƙarewa wani ya fara ba tare da an nema ba, shi ya sa kuma saƙo yake shigowa da ƙara ko girgiza. Ƙwararru ne suka zauna suka tsara wannan, amma ana so mu yarda cewa yarinya ko yaro mai shekara 16 zai fi ƙarfin wannan tsari yayin da malamin lissafi yake warware matsala a kan allo. Hausawa sun riga sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a shekarar 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya ambaci binciken da ya nuna cewa ɗalibi yana iya ɗaukar kusan minti 20 kafin hankalinsa ya koma kan karatu bayan wani abu ya ɗauke shi. Idan haka ne, saƙo guda ɗaya ya isa ya cinye rabin darasi, kuma lissafi ba labari ba ne da mutum zai kama daga tsakiya: wanda mataki na biyu ya wuce shi, ba zai gane na uku ba.

Mai magana na farko daga ɓangaren masu goyon baya ya ce maganin wannan shi ne malami ya sa ido. Ina roƙon alƙalai su dubi wannan ajin da muke zaune a ciki. Mun haura 60, malami kuma ɗaya ne a kowane darasi, sannan layin baya yana da nisan da malami ba ya iya ganin abin da ke ƙarƙashin tebur. Idan aka halatta waya, malami ba shi da hanyar bambance mai duba ƙamus da mai kallon ƙwallo sai ya bi kujeru ɗaya bayan ɗaya, kuma duk mintin da ya ɓata yana gadi, daga darasinmu aka cire shi.

Yanzu bari in tsaya a kan abin da na fi ɗauka da muhimmanci. A shekarar 2015, wasu masana biyu, Louis-Philippe Beland da Richard Murphy, sun fitar da bincike ta hannun makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan, inda suka duba sakamakon jarrabawar ɗalibai a makarantun birane huɗu na Ingila, wato Landan da Birmingham da Leicester da Manchester, kafin hana waya da kuma bayan hanawa. Sun gano cewa sakamako ya ƙaru bayan hanin, amma ƙarin bai zo daidai ga kowa ba: ɗaliban da ke can ƙasa a aji su ne suka fi samun ci gaba, su kuwa haziƙai na sama kusan babu abin da ya sauya musu. Abokan karawata suna iya cewa an yi irin wannan bincike a ƙasar Suwidin ba a ga wani bambanci ba, kuma gaskiya ne, na riga su faɗa. Sai dai makarantun Suwidin sun daɗe da wadata ɗalibai da kwamfutoci da kayan karatu, yanayin da bai yi kama da namu ba. Abin da ya kamata mu ɗauka shi ne cewa haziƙi yana iya leƙa waya ya dawo ya cim ma malami, amma wanda da ma da ƙyar yake bin darasi, da zarar ya leƙa shi ke nan an bar shi. Ku lura kuma cewa waɗanda aka zaɓo su kare waya a yau suna cikin masu zuwa na ɗaya zuwa na biyar a ajin nan, to ba abin mamaki ba ne su ce ba ta cutar da su. Dokar makaranta kuwa domin dukkanmu ake yin ta.

Akwai kuma batun hali da rashi. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta amince da shi a shekarar 2024 naira 70,000 ne, kuma iyayen da yawa daga cikinmu ko wannan ba sa samu a kai a kai. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Ranar da malami ya ce kowa ya fito da wayarsa ya buɗe shafi kaza, a ranar an raba ajin gida biyu, kuma mahaifin da yake fafutukar kuɗin littafi da na mota zai sami sabon nauyi a kansa. An sa mana tufafin makaranta iri ɗaya ne domin kada a gane ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, to mene ne amfanin hakan idan wannan yana riƙe da waya ta dubu ɗaruruwa, na kusa da shi kuma yana ɓoye 'yar ƙaramar wayar mahaifiyarsa saboda kunya? Ban ma kai ga rigimar ɓatan waya da zargin juna da sata ba.

A matsayina na ɗiya mace, dole in ambaci kyamara. Idan ɗalibi ya yi kuskuren karatu a gaban allo a yau, za a yi dariya, a manta kafin a tashi tara. Idan akwai wayoyi 60 a ajin, wannan kuskuren yana iya kaiwa unguwarsu kafin shi ya isa gida. Hoton yarinya da aka ɗauka ba da saninta ba, aka yaɗa shi da baƙar magana a ƙarƙashinsa, yana iya sa iyaye su cire ta daga makaranta gaba ɗaya, a yankin da har yanzu ake lallashin wasu iyayen su bar 'ya'yansu mata su kammala sakandare. Wanda kuma yake tsoron a ɗauke shi ba zai ɗaga hannu ya yi tambaya ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangaren abokan karawata ita ce ta tsaro, kuma ba zan raina ta ba. Dukkanmu muna tune da abin da ya faru a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da Jangebe a watan Fabrairu na 2021, da Kuriga a watan Maris na 2024, kuma duk uwar da ta ce tana son jin muryar ɗanta tana da gaskiya. Amma abin da ke kare makaranta shi ne katanga da masu gadi da layin da ke haɗa shugaban makaranta da jami'an tsaro kai tsaye, kuma malamanmu duka suna riƙe da wayoyinsu. A lokacin firgici, ɗalibai ɗaruruwa suna kiran gida a lokaci guda, kowa da irin labarin da ya ji, jita-jita da turmutsutsu kawai za su haifar. Inda ɗalibi yake buƙatar waya da gaske shi ne a hanyar zuwa da komawa, kuma ba a kan wannan muke jayayya ba.

Sun kuma ce jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta, saboda haka waya za ta shirya mu. Tun 2015 ake yin ta gaba ɗaya a kwamfuta, haka ne, amma da allon rubutu da linzami ake amsa ta, kuma duk wanda aka kama da waya a zauren JAMB ko WAEC ko NECO, laifin satar jarrabawa ne a kansa. Abin da zai shirya mu shi ne a buɗe ɗakin kwamfutar makaranta, a samar masa da wuta, a ba kowane aji lokacinsa a ƙarƙashin kulawar malami.

Ƙasashen da suka riga mu nisa a fasaha ma sun ɗauki wannan hanya. Faransa ta kafa dokar hana waya a firamare da ƙaramar sakandare a 2018, Sin ta hana shiga da ita makaranta ba tare da rubutaccen izinin iyaye ba a 2021, Holan ta fitar da ita daga ajujuwan sakandare tun watan Janairu na 2024, Barazil kuma ta yi tata dokar a farkon 2025. Sin ce kan gaba a duniya wajen ƙera wayoyin nan, amma ba ta ga dacewar a bar su a kan teburin ɗalibi ba.

Saboda haka, abin da ɓangarenmu yake ba da shawara shi ne: ɗalibin da gidansu yake da nisa, iyayensa kuma suka rubuto suna neman izini, ya zo da wayarsa a kashe, ya ajiye ta a ofishin malamin aji da safe a rubuta sunansa, ya karɓa bayan an tashi. A bai wa iyaye lambar makaranta guda ɗaya da za su kira idan wani uzuri ya taso, a kuma keɓe ɗalibin da yake buƙatar waya saboda rashin lafiya ko lalura ta musamman, idan likita ya tabbatar. Ina roƙon alƙalai da 'yan uwana ɗalibai su yi watsi da wannan ƙuduri.

Na gode, Malama shugaba. Wassalamu alaikum.