Darasi: Saurin juyawar taya, daga juyi a minti zuwa digiri da radiyan

Ga ɗalibanmu na ajin yamma a nan Ƙofar Marusa, Katsina. Kowa ya karanta kafin ranar Asabar.

Saurin juyawar taya guda ne, ma'aunansa ne uku. Bakanike yana ƙirga juyi nawa a minti, abin da ake bugawa rpm a jikin inji. Littafin kimiyya ya fi son radiyan a sakan, rad/s. Na uku shi ne digiri a sakan. Kada ku wahalar da kanku da haddar ƙa'idoji shida. Abu biyu kawai za ku riƙe: minti ɗaya sakan 60 ne, sannan juyi ɗaya cikakke digiri 360 ne, kuma shi ne radiyan 2π.

Digiri kun san shi. Radiyan ne baƙo, don haka sai mun taɓa shi da hannu. Ku kifa keke, tayoyi su kalli sama. Ku yanko zare daidai tsawon da ke tsakanin tsakiyar taya da bakinta. Ku kwantar da zaren a kan bakin tayar, ya bi lanƙwasarta, ku yi alama da alli a farkonsa da ƙarshensa. Kusurwar da alamun nan biyu suka buɗe idan an kalle su daga tsakiya, ita ce radiyan ɗaya. Ku ci gaba da ɗora zaren kuna zagayawa. Zai shiga sau shida, ya bar ɗan saura da ya ɗara kwatan zaren kaɗan. Shida da saurar nan su ne 6.28, wato 2π. Tayar keken yara ce ko ta tirela, amsar ba ta canzawa, domin zaren yana girma tare da tayar. Idan aka raba 360 gida 6.28, radiyan ɗaya zai fito kusan digiri 57.3.

Yanzu a juya tayar. Ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya sa ido a kan bawul yana ƙirga wucewarsa. A ce ya wuce sau 30 cikin sakan 20. Minti ɗaya ya ninka sakan 20 sau uku, ke nan tayar na yin juyi 90 a minti.

Digiri nawa ke nan a sakan? Juyi 90, kowanne digiri 360, ya ba da 32,400 a minti. Raba wa sakan 60, an sami 540. Radiyan ma hanyar ɗaya ce: 90 sau 6.28 ya ba da 565 da ɗoriya, raba gida 60, an sami 9.42 a sakan.

```
digiri/s = rpm × 6
rad/s    = rpm × 2π ÷ 60
digiri/s = rad/s × 180 ÷ π
```

Shidan da ke layin farko 360 ne aka raba gida 60. Hannun sakan na agogon bango shaida ne: juyi ɗaya yake yi a minti, kowane tsalle digiri shida. In za a koma baya, sai a juya aikin, inda aka ninka a raba, inda aka raba a ninka. Taya mai radiyan 20 a sakan, alal misali, 20 sau 60 a raba da 6.28, juyi 191 ke nan a minti.

Inda na fi ganin ɗalibai suna faɗuwa shi ne mantawa da 60 ɗin, sai ka ga an rubuta 565 rad/s ga tayar keke. Ga dabarar kama kuskure tun kafin malam ya kama: radiyan a sakan kullum kusan kashi ɗaya cikin goma ne na rpm, ya ɗan ɗara. Juyi 90 ya ba da tara da wani abu. In amsarku ta fi rpm yawa, akwai matsala. Kuma ku danna π na kalkuleta maimakon 3.14, musamman idan lambar babba ce.

Wani zai ce me ya sa ake wahala da radiyan alhali ga digiri mai sauƙi? Saboda shi ne ke ba da gudun ƙasa kai tsaye. Idan daga tsakiyar tayar nan zuwa bakinta mita 0.35 ne, sai a ninka da 9.42, a sami mita 3.3 a sakan, kusan kilomita 12 a awa, da a ƙasa take tafiya. Da digiri sai an yi zagaye kafin a kai nan.

Aikin gida, a kawo shi a rubuce da dukkan matakai. Ƙaramin janareto mai ba da wuta irin tamu ta 50 Hz yana juyi 3000 a minti: a mai da shi radiyan da digiri a sakan. Motar wani injin niƙa an buga mata 1440 rpm: ita ma haka. Na ƙarshe, fanka tana cin digiri 1800 a sakan, juyi nawa take yi a minti? Na farkon ya kamata ya fito kusa da 314 rad/s. Wanda bai samu haka ba ya sake duba inda ya ajiye 60 ɗinsa kafin ya taɓa sauran biyun.