Tsarin sake fito da tsofaffin rubuce-rubuce a shafin shagonmu na kayan kiwon kaji

Zuwa ga masu kula da shafinmu na Fesbuk da Instagiram da kuma sitatus na Wasaf. Wannan tsari zai fara aiki ranar Litinin mai zuwa, kuma shi za a bi har sai an sanar da canji.

Mun tace duk abin da muka taɓa wallafawa, mun ware guda 36 da ba sa tsufa: ɗumama 'yan tsaki a makon farko, wanke mazubin ruwa, yadda ake gane abincin da ya yi fumfuna, kaurin dusar katako a ƙasan ɗaki, jeren rigakafin Gumboro da Lasota, da makamantansu. Ma'aunin da muka bi guda ɗaya ne. In mutum ya karanta rubutun bayan shekara ya yi aiki da shi, zai amfana ko zai cutu? Duk wanda ke ɗauke da farashi, ragi, ranar zuwan 'yan tsaki ko gaisuwar Sallah ya faɗi wannan jarrabawa, don haka ba ya cikin rumbu. Rubuce-rubucen zafin bazara, sanyin hunturu da damshin damina an ba su shafi daban, ana fito da su ne idan lokacinsu ya kama kawai.

A mako muna wallafa bakwai: sababbi huɗu, na rumbu uku. Uku a mako cikin 36 na nufin zagaye ɗaya zai ɗauki mako 12, wato kwana 84 kafin wani batu ya dawo. Kada wanda ya rage wannan tazara don ya rasa abin wallafawa. Gara ranar ta wuce babu komai. Kuma kada na rumbu biyu su biyo juna, a raba su da sabo ko da guda ɗaya ne.

Jadawalin yana Google Sheets. Kowane rubutu yana da layinsa: lamba, batu, sigar da aka fitar da shi ta ƙarshe, rana da sa'a, kwanan watan fitarsa a ginshiƙi na E, sai yawan mutanen da ya kai gare su. A ginshiƙin ƙarshe akwai wannan:

```
=IF(TODAY()-E2>=84,"A FITO","JIRA")
```

Wanda bai nuna A FITO ba, ba a taɓa shi. Wanda ya wallafa shi zai canza kwanan watan a ranar, ba gobe ba. Mantuwa a nan ita ce ke sa mutum biyu su fitar da abu ɗaya cikin mako guda.

Abin da ke gundurar mabiyi shi ne ya ga hoton da ya sani da layin farkon da ya haddace. Batun kansa ba ya damunsa, domin mai kiwon burola yana zuba sababbin 'yan tsaki duk bayan wata biyu ko makamancin haka, kuma duk zubi yana buƙatar a tuna masa cewa zafin ɗaki a makon farko yana tsakanin digiri 32 da 35, ana rage kamar digiri uku kowane mako. Saboda haka kowane batu yana da siga uku. Ta farko rubutu ne da hoto ɗaya. Ta biyu bidiyo da bai wuce daƙiƙa 40 ba, a nuna hannu yana aikin. Ta uku tambaya ce ga mabiya, amsar kuma ta biyo baya a tsokaci bayan sa'o'i kaɗan. Ana juya su bi da bi, ta yadda siga ɗaya ba za ta sake bayyana ba sai bayan mako 36.

Ga misali da lamba 7, batun ɗumama 'yan tsaki. Zagayen farko ya buɗe da: "Kafin 'yan tsakinku su iso, ku kunna wuta a ɗakin tun da sauran sa'o'i." A na biyu bidiyo ne na 'yan tsaki sun cure wuri ɗaya ƙarƙashin fitila, da rubutu a kansa: "Sanyi suke ji." A na uku: "In kun ga 'yan tsaki sun gudu jikin bango suna haki, me kuke fara dubawa?" Darasin bai canza ba, amma wanda ya ga na farko zai tsaya a na uku.

Ko a cikin siga ɗaya, in ta zagayo, dole a sake hoton da layi biyu na farko. Su ne ake gani kafin a danna See more, da su mutum yake yanke hukuncin ya taɓa karanta wannan. Mai ɗaukar hoto ya tanadi sababbi aƙalla goma kowane wata daga gonakin abokan cinikinmu da suka ba da izini. Sannan a ƙara abu ɗaya da babu a tsohon. Mafi kyawun wurin samo shi tsokacin da aka yi a fitar baya: in mutum uku sun tambayi ko gawayi zai maye gurbin fitila, amsar ta shiga jikin rubutun, tare da gargaɗin a bar wa hayaƙi hanyar fita.

Kada a danna Share a kan tsohon rubutu. Yana zuwa da tsohon kwanan wata da tsofaffin tsokaci, wani lokaci har da farashin buhu na bara da muka ba wani amsa da shi, sai a wayi gari ana jayayya a shago. A wallafa shi sabo. Amma ba ma ɓoye cewa maimaici ne. In wani ya ce "ai kun taɓa kawo wannan", a amsa masa da ladabi: "Haka ne, ranka ya daɗe, mun dawo da shi ne saboda sababbin masu kiwo, mun kuma ƙara bayanin gawayi."

A canza lokaci ma. Wanda ya fita Talata da safe, a zagaye na gaba ya fita Asabar bayan isha'i. Masu duba waya da hantsi ba lallai su ne na dare ba, kuma rubutu ɗaya ba ya kai wa ga dukan mabiya, don haka akwai da yawa da za su gan shi karon farko. Haka tsakanin dandamali: in batu ya fita a Fesbuk yau, Instagiram sai bayan kwana 10. Sitatus na Wasaf yana ɓacewa cikin sa'a 24, shi ya sa muka yarda a maimaita a can duk bayan mako huɗu.

A Meta Business Suite kada a jera fiye da na mako biyu gaba. In an yi rasuwa ko wani iftila'i a gari, ko cutar murar tsuntsaye ta ɓulla, a dakatar da duk abin da aka jera a duba shi ɗaya bayan ɗaya. Azumi kuma yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka ba a kwafo sa'o'in bara. A lokacinsa a mayar da wallafa bayan buɗa baki ko lokacin sahur.

Kwana bakwai bayan kowace fita, a shiga Insights a rubuta Reach da yawan tsokaci da turawa. In rubutu ya kasa kai rabin abin da ya samu a fitarsa ta farko har zagaye biyu a jere, ko masu danna Hide post suka ƙaru a kansa, a cire shi ya huta wata shida, a ɗauko sabon da ya fi karɓuwa a watan a cike gurbin don rumbun ya tsaya a 36. Zagaye ɗaya mara kyau bai isa hujja ba, yana iya zama matsalar netiwok ko wani babban labari ya janye hankalin mutane.

Guda biyar da suka shafi rigakafi da magani, lamba 11 zuwa 15, ba sa fita sai likitan dabbobinmu ya sake karanta su a kowane zagaye, ko da ba a canza kalma ɗaya ba. A tura masa ranar Alhamis ta makon da ya gabaci fitarsu.