Auwalu, maganar tallan da kake turawa a zauren WhatsApp na unguwa

Assalamu alaikum Auwalu. Ya gida, ya kasuwa? Ya jikin Hajiya? Na ji an ce ƙafar ta ɗan sake ta, Allah Ya ƙara sauƙi.

Na biyo ka ta nan ne don kada in yi maganar a gaban mutum 412. Ni da mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, mun fi shekara ashirin muna sallah a sahu ɗaya, ba zan so a ce ni ne na kunyata ɗansa a bainar jama'a ba. Amma kwamiti ya ɗora mini wannan saƙo, kuma ko da bai ɗora mini ba, da ni da kaina zan neme ka.

Daga Asabar zuwa daren jiya Laraba na zauna na ƙirga abin da ka tura a zauren unguwa: hotuna 61 da bidiyo 4. Shadda, yadi, huluna, turare. Kayan suna da kyau, ban musa ba, har akwai wata shadda ruwan toka da na daɗe ina kallo. To amma ba don wannan aka buɗe zauren ba. An buɗe shi ne lokacin da ɓarayi suka addabe mu da haura katanga, don duk wanda ya ga wani motsi cikin dare ya sanar da 'yan sintiri. Daga baya aka haɗa da sanarwar rasuwa da ɗaurin aure da suna, da cigiyar yara, da maganar karo-karon gyaran taransifoma da yashe kwata kafin damina. Doka ta 3 tana nan a rubuce a bayanin zaure: ba a talla sai ranar Juma'a, daga saukowa masallaci zuwa sallar Isha'i, kuma kada mutum ya wuce hoto uku.

Bari in gaya maka abin da ya faru ranar Talata, domin ina zaton ba ka sani ba. Da ƙarfe 9:40 na safe iyalan marigayi Malam Garba mai goro suka turo cewa an dawo da jana'iza ƙarfe 11, maimakon bayan Azahar da aka sanar tun farko. Da ƙarfe 9:43 ka turo hotunan shadda 23 a jere, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kuɗinsa a ƙasa. Sanarwar ta haye sama ta ɓace. Kai yaro ne, ka san yadda ake jan allo a koma baya. Dattawanmu kuwa abin da suka tarar a ƙasa shi suke karantawa, in sun ga hotunan kaya sai su mayar da waya aljihu. Alhaji Isa na layin masallaci ya iso ƙofar gidan da ƙarfe 2 da buzunsa a hannu, ya tarar har an dawo daga maƙabarta. Abokinsa ne tun suna makarantar allo. Da ya zo wurina bai ambaci sunanka ba, cewa kawai ya yi, "Malam, wai zauren nan na mutanen unguwa ne ko reshen Kantin Kwari ne?" Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Na san ba da gangan ka yi ba. Amma dalilin kafa dokar ke nan. Ban da wannan, ba kowa ke da kuɗin data kamar ku 'yan kasuwa ba. Akwai matan da ke saka ta ɗari biyu ko uku su yi ta lallaɓawa, wayarsu kuma tana sauke hoto da bidiyo da kanta. Mutum 7 sun fita daga zauren a watan nan, uku daga cikinsu sun faɗa mini talla ce ta kore su. Wasu ba su fita ba, sun dai kashe ƙarar zauren, wanda a wurina ya fi fita muni, domin ranar da aka yi ihun ɓarawo ƙarfe 3 na dare ba za su ji ba.

Kila ka ce ai ba kai kaɗai ba ne, Maman Khalifa ma tana tura tallan zoɓo da cincin. Gaskiya ne, kuma Hajiya Binta ta yi mata magana ta ɓangaren mata, ta koma ranar Juma'a. Kai ma Sani ya tura maka saƙon murya a watan jiya, ka ce in sha Allahu an daina. Kwana huɗu aka yi.

Akwai abubuwa biyu da suka fi hotunan damuna. Na farko, tallan maganin basir da ka tura ranar Lahadi, wanda ka ce na wani abokinka ne. Na buɗe hoton na duba kwalbar, ban ga lambar NAFDAC ba, ban ga sunan wanda ya haɗa ba, sai lambar asusun banki kawai. In wani ya saya ya sha ya sami matsala, ba abokinka zai nema ba, kai zai nema, sannan mu da muka bari aka tura. Wannan ko ranar Juma'a ba a yarda da shi ba. Na biyu, magidanta biyu sun kawo ƙara cewa ka ɗauki lambobin iyalinsu daga zauren kana tura musu kaya kai tsaye. Na gaya musu na san tarbiyyar gidanku, ciniki ne kawai. Sun ji ni, amma ba su ji daɗi ba, kuma suna da gaskiya. Mutane sun ba da lambobinsu ne saboda amanar unguwa. Ka daina daga yau, don Allah.

Ba wanda ke son toshe maka hanyar abinci, kowa ya san yadda kasuwa take yanzu, kuma na san nauyin gidanku a wuyanka yake. Ka sa kayanka a Status, yana kwana ya yini, awa 24, kuma mai so ne kawai zai buɗe. In ka sauke WhatsApp Business za ka iya jera kayanka duka da farashinsu wuri guda, ranar Juma'a ka turo mana hoto uku da hanyar shiga, mai buƙata ya bi ka can. Nura na gidana ya iya, ya yi wa ƙanwarsa mai ɗinki. Ka zo bayan Magariba ya saita maka.

Ga matsayar kwamiti. Wannan saƙo shi ne gargaɗi na ƙarshe. Hotunan jiya da shekaranjiya na goge su da kaina, in ka ga sun ɓace kada ka zargi Sani. In aka sake ganin talla daga lambarka ba a ranar Juma'a ba, ko ta wuce hoto uku, za a cire ka na mako biyu ba tare da an sake tuntuɓar ka ba. In ta maimaitu bayan ka dawo, cirewar ta dindindin ce. Wasu sun so a rufe zauren gaba ɗaya, ya zama admin kaɗai ke iya rubutu. Ni na ƙi, domin in gobara ta tashi a gidan wani, bai kamata ya tsaya jiran admin ya farka ba.

Ka amsa mini kafin gobe Juma'a in san ka gani, domin zan ba kwamiti bayani bayan sallar La'asar. In da hali kuma ka leƙa gidan Malam Garba ka yi musu gaisuwa, yau ake sadakar uku.

Ka gaida Hajiya. Ka kuma ajiye mini yadi biyar na ruwan tokan nan, zan aiko Nura da kuɗin ranar Asabar.

Malam Habibu,
Sakataren kwamitin unguwa