Saƙon ridin Maigatari: na imel, na takarda da na waya

Wannan shi ne saƙon da ofishinmu na Dawanau ya aika kan ridin da aka sauke ranar Talata. Daftarin farko da ya fito daga sito cewa ya yi: "Kayanku ba su cika ba, kuma wasu jiƙaƙƙu ne, ba za mu biya ba sai kun gyara." An ajiye shi, domin babu adadi ko ɗaya a ciki, kuma "ba za mu biya ba" ba gaskiya ba ce, buhu 258 lafiyarsu lau kuma za a biya su. An sake rubuta shi gida uku, na akawun ƙungiyar manoman, na shugabanta, da na wakilinsu da ya rako mota. Lissafi da ranar wa'adi iri ɗaya ne a duka ukun. Duk wanda ya taɓa lamba a ɗaya, ya koma ya taɓa ta a sauran, don in suka haɗa saƙonnin suka ga saɓani, a nan rigima ke farawa.

Imel, zuwa ga akawu

Kan magana: Ridi buhu 300 na 11 ga Nuwamba: sakamakon awo da cikon kuɗi

Assalamu alaikum Malam Sani,

Da fatan an wuni lafiya. Mota ta iso jiya Talata, an sauke buhu 300 cif, an auna a gaban wakilinku Malam Iliya. A yarjejeniyarmu ta 3 ga Nuwamba kowane buhu kilo 80 ne, jimla kilo 24,000, a kan naira 1,500 kowane kilo, danshi kuma kada ya wuce kashi 7 cikin ɗari. Sikeli ya ba mu kilo 23,640, wato an samu giɓin kilo 360.

Buhu 258 sun ci gwaji. Nauyinsu kilo 20,340, kuɗinsu naira 30,510,000. In aka cire kafin alƙalami na naira 18,000,000, saura naira 12,510,000, kuma za mu tura gobe Alhamis kafin azahar in Allah ya yarda.

Sauran buhu 42, masu nauyin kilo 3,300, na'ura ta nuna danshinsu kashi 9 ne. Mun ware su a kan katako nesa da busassun, mun kwance bakinsu. Ba za su iya daɗewa haka ba: ridi mai danshi yana ɗaukar zafi a cikin buhu, ya yi fumfuna, mansa ya lalace. Ko dai ku ɗauke su ku kawo wasu, ko mu shanya su a tamfol mu sake aunawa, mu biya bisa nauyin da ya rage, a cire kuɗin leburori naira 500 kan kowane buhu, jimla naira 21,000. Muna buƙatar amsa zuwa Litinin 17 ga Nuwamba.

Na haɗo da hoton takardar awo da sakamakon gwajin danshi. In lissafinka ya bambanta da namu, ka sanar da ni yau kafin a tura kuɗin.

Na gode.
Kabiru, manajan sito

Akawu da littafi yake aiki, shi ya sa aka ba shi lissafin daki-daki, gaisuwa kuma layi ɗaya. Kan maganar yana ɗauke da kaya da kwanan wata domin a iya lalubo saƙon bayan wata uku. A duba an maƙala hotunan nan biyu kafin a aika. Sau da yawa ana rubuta "na haɗo" a manta da haɗawar.

Takarda, zuwa ga shugaban ƙungiya

Kasuwar Hatsi ta Dawanau,
Kano.
12 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar,
Maigatari, Jihar Jigawa.

Ranka ya daɗe,

SANARWA KAN RIDI BUHU 300 DA MUKA KARƁA RANAR 11 GA NUWAMBA, 2025

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali da sauran 'yan ƙungiya, muna sanar da ku cewa kayan da kuka aiko bisa yarjejeniyarmu ta 3 ga Nuwamba, 2025 sun iso lafiya, kuma mun gode da cika alkawarin lokaci.

An yi awo a gaban wakilinku, shi ma ya sa hannu a takardar awon. Jimlar nauyi ta kama kilo 23,640 maimakon kilo 24,000. Daga ciki mun karɓi buhu 258 masu nauyin kilo 20,340, kuma za mu biya cikon kuɗinsu, naira miliyan goma sha biyu da dubu ɗari biyar da goma (12,510,000), ranar Alhamis 13 ga Nuwamba, 2025.

Buhu 42 kuwa danshinsu ya kai kashi 9 cikin ɗari, alhali kashi 7 muka ajiye a matsayin iyaka. Muna kyautata zaton an ɗura su ne kafin su gama shan rana, abin da kan faru a farkon kaka. Mun adana su amana, ba mu haɗa su da kayanmu ba. Muna roƙon ku zaɓi ɗaya cikin biyu: a musanya su da wasu, ko ku ba mu izini a rubuce mu shanya su, mu biya bisa sabon nauyinsu bayan cire kuɗin leburori naira dubu ashirin da ɗaya (21,000).

Muna fatan samun amsarku zuwa ranar Litinin 17 ga Nuwamba, 2025. Bayan wannan rana ba za mu iya ɗaukar alhakin abin da danshi zai yi musu ba. Kwafin takardar awo yana tare da wannan wasiƙa.

Allah ya ƙara girma, ya bar zumunci.

Naku,
Kabiru,
Manajan Sito, a madadin Alhaji.

Ita wannan ita ce hujja idan magana ta kai gaban shugabannin kasuwa, don haka kuɗi da kalmomi da lambobi aka rubuta shi, kowace rana da shekararta, kuma jimlar ɗaukar alhaki a nan kaɗai ta fito. An ce "ku" tun daga farko har ƙarshe. Jimlar kyautata zato ba ado ba ce: dattijon da ya ji ana zarginsa da ha'inci ba zai zauna duba lissafi ba. A buga kwafi biyu, a sa hannu da hatimi, wanda ya karɓa ya sa hannu a namu.

Saƙon WhatsApp, zuwa ga wakili, Laraba 12 ga wata

Salam Malam Iliya, ka isa gida lafiya? Cikon buhu 258, naira 12,510,000, zai shiga gobe Alhamis kafin azahar.

Buhu 42 ɗin nan masu danshi: musanya za ku yi ko mu shanya? In shanya ce za a cire 21,000 na leburori. Don Allah ka ji ta bakin Shugaba, muna jiran amsa zuwa Litinin 17.

Takardarsa tana hannun direba, bayanin lissafi kuma yana imel ɗin Malam Sani.

Ya ga awon da idonsa, ba sai an maimaita masa ba. An fara da labarin kuɗi, tambaya kuma guda ɗaya ce. In ya amsa da saƙon murya, a rubuta masa abin da aka ji, ya tabbatar a rubuce.

Tunatarwa, in Asabar ta yi ba a ji komai ba

Ta waya: Salam Malam Iliya. Saura kwana biyu kan buhu 42 ɗin. Yau mun sa hannu a ciki mun ji ɗumi ya fara. Me Shugaba ya ce?

Ta imel, a ƙarƙashin saƙon farko ba sabo ba: Malam Sani, an tura naira 12,510,000 ranar Alhamis, ga rasit. Har yanzu muna jiran hukuncinku kan buhu 42, wa'adi Litinin 17 ga Nuwamba. Na gode.

Maganar ɗumi sai in an duba an ji shi da gaske za a rubuta ta. Shugaba kuwa ba a aika masa takarda ta biyu kafin wa'adi. Alhaji maigidanmu ne da kansa zai kira shi ranar Lahadi bayan la'asar.