Wasiƙa zuwa ga 'yata Hafsatu a kan jinin al'ada

Tudun Wada, Zariya
12 ga Janairu, 2025

Zuwa ga 'yata Hafsatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin koma makaranta lafiya, kuma karatu yana tafiya yadda ake so. A ƙasan akwatinki na saka miki ƙunshin audugar mata biyu da sababbin kamfai masu duhun launi, kuma wannan wasiƙa ita ce bayaninsu. Yanzu shekarunki 12, kin fara ƙirgen dangi tun bara, saboda haka jinin al'ada yana iya zo miki a wannan zangon karatu ko na gaba, lokacin da ba na kusa da ke. A gidaje da yawa kaka ko gwaggo ake bar wa wannan magana saboda alkunya, amma na fi son ki ji ta daga gare ni, kafin ki tsinci rabinta a bakin ƙawaye.

Jinin al'ada, wanda malamai ke kira haila, ba ciwo ba ne, ba kuma rauni kika ji a ciki ba. Kowane wata mahaifa tana yin shimfiɗa mai kauri a cikinta domin shirin ɗaukar ciki, idan kuma ba a sami ciki ba sai shimfiɗar ta saɓule ta fito ta gaba tare da jini. Yawancin 'yan mata suna farawa tsakanin shekara 10 da 15, galibi kamar shekara biyu bayan nono ya fara fitowa. Wasu watanni kafin nan za ki iya ganin farin ruwa mai ɗan yauƙi a kamfanki, wanda ba ya wari kuma ba ya ƙaiƙayi, wannan ma lafiya ce.

Ranar farko ba lallai ne ki ga jan jini ba. Sau da yawa ɗan ɗigo ne mai launin ƙasa-ƙasa ko baƙi-baƙi, har yarinya ta ɗauka datti ne. Daga baya yakan yi ja, ya fi yawa a kwana biyun farko, sannan ya riƙa raguwa yana komawa duhu har ya ɗauke. Yakan ɗauki kwana 2 zuwa 7. A ido zai yi miki kamar yana da yawa, alhali duk abin da ke fita a waɗannan kwanaki bai cika wuce cokalin cin abinci biyu zuwa biyar ba, kuma ƙananan gudaji da za ki gani wani lokaci ba abin tsoro ba ne.

Abin da ya fi tayar wa 'yan mata hankali shi ne rashin tsayawar kwanaki, shi ya sa nake so ki riƙe wannan da kyau. Ana fara lissafi daga ranar farko da jini ya zo zuwa ranar farko ta zuwansa na gaba. A wurin babbar mace tazarar takan kasance kwana 21 zuwa 35, amma a wurin mai farawa tana iya kaiwa kwana 45, kuma a shekara biyun farko yana iya zuwa wannan wata ya tsallake na gaba, domin jiki bai gama daidaita kansa ba. Ki ware shafin ƙarshe na wani littafinki, ki riƙa rubuta ranar da ya zo da ranar da ya ɗauke. Bayan 'yan watanni za ki fara gane lokacinki, ki saka auduga ɗaya a jakar makaranta tun kafin ranar.

Ciwon mara yakan zo kwana ɗaya kafin jinin ko a ranar farko, saboda mahaifa tana matsewa ne domin ta fitar da abin da ke cikinta. Wani lokaci har da ciwon baya, nauyin nono, ƙuraje a fuska, kasala, ko ki ji ranki yana ɓaci ba tare da wani ya yi miki komai ba. Ki zuba ruwan ɗumi a gora, ki naɗe ta da tawul ki ɗora a mara, ki kuma ɗan yi tafiya maimakon ki wuni a kwance. Idan bai lafa ba, ki je ɗakin shan magani na makaranta a ba ki farasitamol ko abin da nas ta ga ya dace. Kada ki karɓi ƙwaya ko jiƙo daga hannun ƙawa, kada kuma ki sha jar kanwa don wata ta ce tana wanke mara.

Ki sauya auduga duk bayan awa 4 zuwa 6 ko da ba ta cika ba, ki wanke hannu da sabulu kafin sauyawa da bayanta. Wadda kika cire ki naɗe ta a takarda ko leda ki saka a inda makaranta ta tanada, ba a cikin masai na ruwa ba, domin tana toshe shi. Idan audugar ta ƙare, ƙunzugu na tsumma mai tsabta ya wadatar, muddin za ki wanke shi da sabulu ki shanya a rana ya bushe sarai, ba a ƙarƙashin katifa ba inda zai yi danshi ya jawo miki ƙaiƙayi. Ki yi wankanki kullum kamar yadda kika saba, duk wadda ta ce wanka yana tsayar da jini ba ta faɗi daidai ba. Wajen tsarki ruwa kawai ya isa, daga gaba zuwa baya, ba turare, ba kuma cusa komai. Idan jini ya ɓata miki tufafi a aji, ki ɗaura hijabi ko rigar sanyi a ƙugu ki nemi izinin fita, ki wanke wurin da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana kama tabon. Ki kuma riƙa cin wake, zogale, alayyahu, kifi da nama idan an samu, saboda suna taimaka wa jiki mayar da jinin da ya fita.

Akwai abubuwan da ba na so ki yi shiru a kansu ko na kwana ɗaya: idan auduga tana cika cikin awa ɗaya sau biyu ko uku a jere, ko jinin ya wuce kwana 7, ko kina jin jiri da faɗuwar gaba, ko ciwon ya hana ki zuwa aji duk da magani, ko ruwa mai wari da ƙaiƙayi yana fita, ko kuma kwana 90 suka wuce bai dawo ba. Ki gaya wa nas ko malamar da ke kula da ɗakin kwananku, su kira ni mu je asibiti.

Ta fuskar addini, daga ranar da kika ga jinin kin balaga, ibada ta hau kanki. Muddin yana zuwa ba za ki yi salla ko azumi ba. Idan ya ɗauke sai ki yi wankan tsarki ki ci gaba da salla, za ki rama azumin da kika sha, amma ba a rama salla, kuma ga watan Ramadan yana tafe. Za ki ji a Islamiyya cewa a mazhabar Malikiyya mai farawa tana iya zama har kwana 15. Wannan hukuncin ibada ne, bai hana a duba lafiyarki idan jinin ya wuce mako ɗaya ba. Lokacin da Nana A'isha ta yi kuka saboda haila ta zo mata a hanyar aikin hajji, Manzon Allah (SAW) ya gaya mata cewa abu ne da Allah Ya rubuta wa 'ya'ya mata na Annabi Adamu, don haka kada ki ɗauki kanki ƙazama.

Ki sani kuma cewa daga yanzu jikinki yana iya ɗaukar ciki idan namiji ya sadu da ke. Gaisawa ko zama kusa da namiji a aji ba ya kawo ciki, kamar yadda ake tsorata wasu yara. Amma duk wanda ya nemi taɓa jikinki ko keɓewa da ke, babba ne ko yaro, ɗan'uwa ne ko bare, ki ƙi, ki gaya mini, ba zan yi miki faɗa ba.

Ranar da ya zo, ki roƙi malama ta ara miki waya ki kira ni, ko da dare ne. Zan ƙaro miki auduga ranar ziyara. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare mini ke.

Mahaifiyarki,
Umma