Jawabin Shugabar Ɗalibai Na Maraba Da Sababbin 'Yan Aji Ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Hajiya Firinsifal, mataimakanta, malamanmu, iyayenmu masu kula da ɗakunan kwana, 'yan'uwana ɗalibai, ina gaishe ku da safiyar wannan Litinin. Hajiya, ina neman izini in juya in fuskanci ƙannena da ke zaune a layin gaba, domin maganar yau tasu ce.

Ƙannena, sannunku da zuwa. Ni ce shugabar ɗalibai, wadda za ku ji ana kira hedigel, ina aji shida. Jiya da yamma ina bakin get lokacin da ake sauke akwatunanku da bokitai da katifu. Na ga waɗanda aka kawo a Keke Napep daga nan cikin gari, Ƙofar Marusa da Ƙofar Ƙaura da Rafindadi, na kuma ga waɗanda suka sha hanya daga Jibiya, Kaita, Mani, Dutsin-Ma, har da Funtuwa. Na ga wadda ta riƙe gyalen mahaifiyarta ta ƙi saki. Da dare kuma da na zagaya ɗakuna na ji masu kuka ƙasa-ƙasa cikin bargo. Ba abin kunya ba ne, duk yayyenku da kuke gani tsaye a baya sun yi irinsa.

Garin da kuka zo karatu ba baƙon ilimi ba ne. Idan aka fita da ku ziyara za a nuna maku Hasumiyar Gobarau, inda aka yi karatu shekaru ɗaruruwa da suka wuce, a garin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Za ku ga tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Wancan lokacin maza kaɗai ake ɗauka. Yau ga ku nan, kowace da kujerarta da littafinta. Iyayenku sun yi ɗawainiya kafin su kawo ku, wasu sai da aka sayar da akuya ko buhun gero.

Amma abin da ya tsayar da ni gabanku guda ɗaya ne: kada wata cikinku ta riƙe damuwa a ciki ita kaɗai. Mu Katsinawa an san mu da kara da kunya, kuma abin alfahari ne, to amma kunyar da za ta hana ki faɗin ciwo ba ita aka yi mana tarbiyya da ita ba. Zangona na farko a nan, daidai irin wannan lokaci na ƙarshen damina, zazzaɓi ya kama ni. Kwana 3 ina ɓoyewa, ina tsoron a ce ragwanta ce. A wannan filin da kuke zaune na yanke jiki na faɗi. Mako guda na yi a kwance, karatu ya wuce ni, mahaifiyata ta baro gida hankali a tashe. Da na yi magana ranar farko, da magani kawai za a ba ni. Ba na so ko ɗaya daga cikinku ta bi ta nan.

Don haka ku buɗe kunne. In ciwo ne, ko kai ko ciki ko zazzaɓi, da rana ku tafi ɗakin shan magani da ke bayan ɗakin cin abinci, nas tana nan. In dare ne, ki tashi shugabar ɗakinku ko da ƙarfe 2 ne, ita za ta raka ki wurin Mama metiron. Kada ki karɓi ƙwaya a hannun ƙawa don ta ce ita ma shi ta sha ta warke. Gidan sauron da aka ce ku zo da shi kuma a ɗaura shi yau, ba a bar shi cikin akwati ba.

Mama metiron uwa ce, ku ɗauke ta haka. Akwai abubuwan da ɗiya mace kan fara gani a jikinta a shekarunku, wasunku a nan zai fara zo masu, nesa da gida. Ranar da ya zo kada ki firgita, kada ki ɓuya a bayi kina kuka. Je ki wurin Mama, za ta yi maki bayani, ta ba ki abin da kike buƙata, kuma maganar ba za ta fita daga ɗakinta ba. Haka ma wadda ke da lalurar fitsarin kwance ko asma ko sikila, ta sanar da ita tun yau.

A aji, malamar ajinku ce farkon wadda za ku nema. Wadda ba ta ganin allo daga baya, ko Turancin ya yi mata nauyi, ko lissafi ya ƙi shiga, ta faɗa tun ba a yi nisa ba. Matambayi ba ya ɓata. Da daddare lokacin firef mun ware yayye biyu a kowane ajin 'yan aji ɗaya, aikinsu ke nan su taimaka maku da aikin gida.

Kuɗi kada su kwana a akwati. Ku kai wa malamar gidanku ta rubuta a littafi, ku riƙa karɓa kaɗan-kaɗan. Ku sa suna a jikin bokiti da kwano da hijabi. Abu ya ɓata, a gaya wa firfet ta gida, ba a kama zargin juna ba. Abincinki bai iso ba ko an zubar maki, firfet ta abinci tana bakin ƙofa, ba wadda za ta kwana da yunwa a makarantar nan.

Yanzu maganar siniyoyi, kuma ina so na baya su ji ni da kyau. Girmama na gaba wajibi ne, ku gaishe su, ku bi doka. Amma ba siniyar da ke da ikon ta doke ki, ko ta karɓe maki garin kwaki da sukari, ko ta sa ki wankin kayanta. Wadda aka yi wa haka ta zo wurina kai tsaye, gadona na farko ne daga hannun dama a gida na ɗaya. In kuma firfet ce ta zalunce ki, ko da ni ce, ofishin mataimakiyar firinsifal yana kusa da ɗakin malamai, ki shiga ki faɗa. Na yi maku alkawari gaban Hajiya cewa ba wadda za a tsangwama don ta kai ƙara.

Akwai kuma damuwar da ba ta ciwo ba ce, ba ta aji ba: kewar gida, rashin da aka yi maki, ko wani ya faɗa maki magana ko ya taɓa ki ta yadda ba ki so, ko wane ne shi. Malama mai ba da shawara tana ofishinta a gefen laburare kullum bayan tashi daga aji, kuma tana riƙe sirri. Ita ce ma za ta kira maki gida in akwai buƙata, tunda ba a yarda ɗaliba ta riƙe waya ba.

Ba a fita get sai da takardar izini, ko da wanda ya zo ya ce shi kawunki ne. Kun ga baƙuwar fuska tana kewaya katanga, ku gaya wa Baba maigadi ko malamin da ke kan aiki nan take.

Firfet-firfet, ku fito gaba su ga fuskokinku. Ƙannena, kowace ta bi shugabar gidansu, za a zagaya da ku a nuna maku duk ofisoshi da ɗakunan nan da na ambata kafin a kaɗa ƙararrawar shiga aji. Allah ya ba ku lafiya da ilimi mai albarka. Hajiya, na gode.

Wassalamu alaikum.