Rahoton mutuwar inji a tsakiyar Kogin Kaduna ranar Laraba

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta masu jirgin fito, da Baba Sarkin Ruwa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, kamar yadda ka ce in rubuto abin da ya faru shekaranjiya Laraba domin a ajiye a fayil, to ga shi, ni ne matuƙin jirgi mai lamba 3 wanda injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa.

Mun taso daga tsallake wajen gonaki da misalin ƙarfe 4:40 na yamma bayan la'asar za mu dawo mashigarmu ta ƙasan Unguwar Rimi. Fasinja 14 ne, maza 6, mata 5, yara 3, sai ni da yaron jirgina, mu 16 ke nan. Kaya kuwa buhun ɗanyar masara 4 ne da dauren itace 2 da keke ɗaya. Akwai wani mai mashin da ya so shiga na ce ya jira sawu na gaba saboda ruwa ya cika sosai, har ya ji haushi. Na faɗi wannan ne don ina jin ana yaɗawa a unguwa wai lodi ya yi yawa, wallahi ba haka ba ne, bakin jirgi ya fi kamu ɗaya sama da ruwa kuma waɗanda ke gaɓa duk sun gani. Rigar ruwa 9 gare mu, na sa wa yaran da matan, ɗayar na ba wani dattijo, sauran maza 5 babu.

Yanayi kuwa kun san yadda Agusta take. Kwana biyu ana tafka ruwa ta sama, kogin ya kawo jawur, yana gudu, yana ɗauke da karan masara da rassan itace da bola iri iri. Lokacin da muka taso akwai hadari ta gabas amma yana nesa, iska ba ta taso ba, kuma fiton ba ya wuce minti 7 zuwa 8 in inji na lafiya.

Mun kai kusan rabi sai na ji ƙarar injin ta canza, ta yi nauyi, hannun sitiyarin yana karkarwa a tafina. Na waiwaya na duba ɗan ruwan nan da yake tsartowa ta gefen inji, wanda ke nuna ruwan sanyaya yana zagayawa, sai na ga ya tsaya cak. Na rage wuta nan take na mayar da giya firi, amma kafin in ɗaga ƙafar injin ya yi tari sau biyu ya mutu, murfin ya yi zafin da ba ka iya dafa shi. Da na ɗago sai ga tsohon buhun siminti da leda sun nannaɗe farfela sun kuma toshe ramukan da inji ke shan ruwa. Na sa wuƙa na yanke su, na matsa fam ɗin tiyon mai, na ja igiya na sake ja, shiru, injin ya riga ya ɗau zafi.

To a daidai nan ne iskar ta iso. Ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya, gaɓa ma da ƙyar ake hango ta, jirgi ya juya ya ba igiyar ruwa gefe, kuma duk wanda ya san ruwa ya san nan ne hatsarin yake domin ta gefe jirgi ke kifewa. Mata suka ɗau salati, wani saurayi ya miƙe wai zai faɗa ya yi iyo, na daka masa tsawa na ce kai ɗan'uwa zauna, in ka tashi duk ka kashe mu. Na ce kowa ya sauka daga kan benci ya zauna a ƙasan jirgi a tsakiya, kar wanda ya leƙa gefe. Wata Hajiya da ke gaba Allah Ya saka mata da alheri, ita ta janyo yaran uku ta rungume su tana ce musu ku kalle ni kar ku kalli ruwa, ku yi ta Hasbunallahu, kuma sai na ga sauran matan ma sun natsu.

Ni da yarona muka ɗau filafili muka juya hancin jirgi ya fuskanci inda ruwa ke zuwa, na miƙa wa mutum biyu yankakken galan suna kwarfe ruwa. Gora ba ta taɓo ƙasa. Na nemi izinin masu masara muka zubar da buhu 2 da itacen duka don jirgi ya ɗago, ba wanda ya yi musu. Duk da haka ruwa na ta jan mu ƙasa ta wajen Kabala, abin da ke raina shi ne duwatsun da ruwa ya rufe da kuma ƙafafun gada, in jirgi ya bugi ɗaya daga ciki a gicciye sai dai wani ikon Allah. Na kira lambar mashiga sau ɗaya aka ɗauka, aka ce jirgi mai lamba 1 yana tsallake da fasinja, mai lamba 2 kuma injinsa na wajen makanike tun Litinin. Ke nan babu mai zuwa.

Masunta ne suka cece mu bayan Allah. Su biyu a ƙaramin kwale-kwale sun fake da ruwa a ƙarƙashin wata bishiya da ke bakin gaɓa, suka ji ihu suka fito, babbansu ya yanko ruwa ya sha gabanmu, yarona ya jefa masa igiyarmu sau ɗaya ta faɗa ruwa, na biyu ya cafe. Bai yi ƙoƙarin jan mu ba don jirginsu bai kai ba, sai ya koma da gudu ya naɗe igiyar a gindin bishiyar, ruwan da kansa ya karkato da mu zuwa gaɓa muka shige cikin ciyawa. Daga nan samarin unguwa suka shigo ruwa iya ƙirji suna ɗaukar yara da mata ɗaya bayan ɗaya. Wajen ƙarfe 5:20 kowa ya taka ƙasa, na ƙirga sau biyu, 16 cif.

Ba a rasa rai ba alhamdulillahi. Mace ɗaya mai juna biyu jikinta na ta rawa aka sa ta a Keke Napep zuwa asibiti, mijinta ya kira ni da daddare ya ce an sallame ta lafiya. Yarona igiya ta saɓule masa fatar tafin hannu, an wanke an ɗaure. Makanike ya buɗe injin jiya, ya ce robar famfon ruwa ta ƙone don ta yi gudu a bushe, fistin bai kama ba, za a canza robar da fulogi.

Ranka ya daɗe abin da ya hana ni barci shi ne da masuntan nan ba su fake a wurin ba, babu wani tanadi namu da zai iso gare mu. Ina roƙon ƙungiya daga yanzu har ruwa ya janye a Oktoba a riƙa barin jirgi ɗaya da inji da mai a mashiga ba ya ɗaukar fasinja, ko da karo-karo za mu yi mu biya mai shi kuɗin yininsa, ni na yarda a fara cira daga nawa. A kuma rubuta wa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa NIWA da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha SEMA a nemi ƙarin rigunan ruwa har da na yara, don na manya ne muke ɗaura musu suna zamewa. Sannan masu masarar da aka zubar a duba yadda za a rage musu asara, su ma masuntan nan biyu ya kamata mu je har gida mu yi musu godiya, Baba Sarkin Ruwa ya san gidan babbansu.

Jirgin na nan ɗaure a mashiga ga duk wanda zai duba, buhun da na yanko daga farfela ma na ajiye shi.

Naka,
Matuƙin jirgi mai lamba 3